Tsohon batir bai san ƙarfe sha biyu ta yi ba

Ina da wani yayana ɗan kasuwa, mutum ne da cinikinsa kusan rabi a waya yake. Ya yi wata da watanni yana fama da abu ɗaya: zai cire waya daga caji da ƙarfe 7 na safe tana kashi 100, amma kafin biyar na yamma ta mutu murus. Kuma daidai lokacin ne masu saye ke kira su ce a ware musu kaya, ko su ce sun turo kuɗi a duba. Sau nawa mutum ya tsaya a gabansa yana cewa ya tura, shi kuwa ba halin ya gani.

Ya fara zargin caja, ya sake wata. Ya kai wayar wurin mai gyara, mai gyaran bai tambaye shi komai ba, ya juya ta sau biyu ya ce batir ne. Aka sa sabo. Kwana biyu abin ya ɗan yi sauƙi, ya ƙara kamar rabin awa, daga nan aka koma gidan jiya.

Wannan wurin ne yake ɓata mini rai, shi ya sa na zauna rubutun nan. Batirin da ya tsufa yana da alamunsa, kuma sanannu ne. Yakan zube da sauri safe da rana da dare, ba ya zaɓen lokaci. Yakan kashe waya tana nuna kashi 30 ko 20, musamman in an buɗe kyamara. Wani ma yakan kumbura har ya ɗago bayan waya, irin wannan kam a daina amfani da shi nan take don yana iya kamawa da wuta. Wayar yayana ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tambaya ɗaya da mai gyara ya yi, "Yaushe take zubewa?", da ta isa.

Ni ma ba wata dabara na yi ba. Wata rana na lura cewa ran da bai fita kasuwa ba, wayar nan tana kai shi har dare da saura. Na ce, "Yaya, ba ni wayar in ga wani abu." Na shiga Settings, na taɓa Battery, na buɗe wurin da ke nuna yadda caji ya tafi a yini. Akwai wani zane a can, layi ne da ke saukowa daga sama. Daga 7 zuwa 12 layin yana gangarowa a hankali, daga kashi 100 zuwa 70, wato kashi 6 a kowace awa. Daga sha biyu kuwa sai ya karye ya yi ƙasa, kusan kashi 15 a awa. In ka raba 70 da 15 za ka samu awa huɗu da 'yan kai, wato biyar saura. Daidai lokacin da take mutuwa kullum.

Na ce, "Yaya, me kake yi da ƙarfe sha biyu?"

Ya ce ba abin da yake yi, lokacin ma ba ya taɓa wayar, don kasuwa ta cika. Jefa ta yake yi cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye kuɗi saboda masu dogon hannu.

Washegari na bi shi. Kafin ya jefa ta, na duba ƙarfin sabis, ba sandunan nan na saman waya ba, lambar kanta. A wayoyin Android da yawa tana cikin About phone, a ƙarƙashin SIM status, an rubuta Signal strength. A kan tebur ta nuna -85 dBm. Na sa ta cikin akwatin, na sauke murfin na bar 'yar kafa ina leƙe, sai ga lamba tana tafiya har -115. Lambar nan tana da yaudara, mutum zai ce ai 30 ce kawai tsakani. Amma duk ragin 10 yana nufin sabis ya ragu ninki goma, don haka 30 ninki dubu ne. Ƙarfe yana tare sabis, abin da ke shiga sai ta bakin murfin da ba ya rufuwa sosai.

Ita kuwa waya ba ta haƙura. In ta ji sabis ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi zuwa turken sadarwa, kamar mutumin da ke ɗaga murya don na nesa ya ji shi. Saƙon da bai isa ba ta sake aikawa. In sabis ya ɗauke gaba ɗaya ta shiga lalube, daga 4G ta faɗo 3G, ta sake komawa. Ga layi biyu a cikinta, kowanne na neman nasa. Duk wannan daga batir ake biya.

Na ɗauka na gama gano komai, ashe da saura. Muna tsaye sai ga yaron da ke taya shi tsaron kaya ya iso, don sha biyu yake zuwa. Ya zauna kusa da akwatin, ya zaro tasa wayar ya kama kallon bidiyo. Na ce, "Kai, da datar wa kake kallo?" Ya nuna akwatin. Ashe tun watannin baya yayana ya kunna masa Hotspot don ya riƙa tura wa masu saye hoton kaya, ba wanda ya sake tunawa da shi. Wato wayar da ke fama da numfashi a cikin ƙarfe, ita ce kuma ke jawo bidiyo daga turke tana miƙa wa wata wayar. Da na ciro ta wajen ƙarfe biyu, bayanta ya yi zafin da ba ka son riƙe ta a tafin hannu.

Ban yarda mu gyara duka biyun rana ɗaya ba, don ina so ya gani da idonsa. Rana ta farko muka bar Hotspot a kunne, muka mayar da wayar aljihun gaban rigarsa: ta kai har bayan ya rufe rumfa. Rana ta biyu muka kashe Hotspot ɗin, yaro ya riƙa karɓar wayar ya tura hoto ya dawo da ita. Ƙarfe shida ya tashi da kashi 35.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin. Batirin waya irin na yanzu, lithiyam, zafi ne babban abokin gābarsa. Kamfanin Apple ma ya rubuta cewa zafin wuri in ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. To akwatin ƙarfe a rufe, da tsakar rana, waya na aiki a ciki iya ƙarfinta, ina zafin zai fita? Sabon batirin da ya saya ya riga ya sha makonni a wannan hali, kuma abin da ya rasa ya rasa ke nan.

Mai gyaran nan har yanzu ina ganin bai kyauta ba. Ba na cewa ya yi niyyar cuta, amma wanda aka kawo wa waya aka ce "kullum da yamma take mutuwa" an riga an ba shi rabin amsa a baki, kuma buɗe zanen nan ba ya cin minti ɗaya. Da yayana ya koma ya tambayi tsohon batirinsa, aka ce an riga an zubar.