Gyara tsohon gida a hoto ba tare da kusurwar kyamara ta sauya ba

"Na loda hoton gidan da ya lalace, na rubuta wa manhajar AI ta mayar da shi sabo, sai ta ba ni wani gida dabam. Ko bayanina ne bai isa ba?"

Ba yawan bayani ba ne matsalar. Da yawa suna zaton rubuta "kada a canza kusurwa" ya wadatar, alhali rubutu ba ya riƙe layukan gini. Abin da ke riƙe su shi ne taswirar da aka ciro daga hoton kansa.

A Stable Diffusion, manhajar AI mai ƙirƙirar hoto, sa hoton a img2img, sashen da ke yin sabon hoto daga wanda ka loda. Ka kunna ControlNet, mai sa manhajar ta bi wannan taswira, da MLSD, wanda ke ciro ta ta hanyar bin miƙaƙƙun layukan bango, taga da rufi. MLSD ya fi Canny, wata hanyar ciro taswirar, dacewa a nan, domin Canny yakan kwashe har tsagewar bango da ɓallewar filasta, sai su dawo cikin sabon hoton kamar ado.

Sai `denoising strength`, ma'aunin yawan sauyin da manhajar za ta yi wa hoton. Idan ka bar shi wajen 0.3, tsatsa da dattin bango ba za su tafi ba. Idan ya haura 0.8 babu ControlNet, gidan zai sauya gaba ɗaya. Fara daga 0.6, kuma kada ka canza fasalin tsawo da faɗin hoton.

Rufin da ya lotsa fa? Taswirar za ta riƙe lotsewar, don haka a miƙe layin da hannu kafin a fara.

Don tabbatarwa, ɗora sabon hoton kan tsohon, ka rage `opacity` zuwa kashi 50 don a riƙa hango tsohon ta cikin sabon. In gefen ƙofa ya fito biyu, ko yawan tagogi ya canza, kusurwar ko tsarin ginin ya goce.