Ku Daina Busar Da Kanku Saboda Sikeli

Ranar Laraba da azahar ina dawowa daga Kawukudi zan shiga Nima a nan Accra, na ci karo da ɗan maƙwabcinmu yana gudu cikin ranar nan mai ƙona ƙeya. Ya huda baƙar leda ya zura ta kamar riga, ya ɗora rigar sanyi a kai, ga gora a hannunsa, ba ta ruwan sha ba, ta tofa yawu. Leɓensa duk ya tsattsage. Na ce, "Kai yaro, lafiya?" Ya ce, "Baba, ranar Juma'a za mu hau sikeli a Bukom." Farkon mako nauyinsa kilo 66, shi kuwa ya sa hannu zai yi dambe a ajin fam 135, wato kilo 61.2. Kusan kilo 5 zai zubar cikin kwana huɗu. Na rasa abin cewa.

Samari, ku saurara. An raba 'yan damben zamani da 'yan kokawa aji-aji ne don kada ƙato ya murƙushe ƙarami, domin in gwaninta ta zo ɗaya, naushin mai nauyi ya fi illa. Kowane aji da iyakarsa: akwai fam 126, 130, 135, 140, 147, har sama. A kokawar Olamfik ta maza kuwa, wadda ake kama ƙafa, kilo 57 ne, 65, 74, 86, 97 da 125. To ina aka samu ƙofar wayo? Ƙwararru ana auna su kwana ɗaya kafin wasa. Sai mutum ya matse ruwan jikinsa ya hau sikeli, ya sauko ya yi ta ɗirkar ruwa da abinci, gobe ya shigo fili ya fi abokin karawarsa girma.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kuna ce wa wannan rage ƙiba. Wace ƙiba? Kitse ba ya narkewa cikin kwana huɗu, kilo ɗayansa ma sai an yi mako ko fiye ana taka-tsantsan da abinci. Abin da yaron nan ke zubarwa ruwa ne da abin da ke cikin hanji. In ka daina cin tuwo da shinkafa, sukarin da tsoka ke ajiyewa ya ƙare, kowane giram nasa kuma yana tafiya da ruwa kamar giram uku. Man tafiyarka ke nan ka zubar a kwata. Wanda ya rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa ta gumi, tuni ƙarfinsa ya fara ja baya. Shi wannan ya haura kashi bakwai yake nema, alhali ajin fam 140, kilo 63.5, na nan kusa da shi. Garin neman gira za a rasa ido.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Fitsari ya koma kamar shayin da ba madara, ko ya ɗauke. Jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa, ka miƙe jiri ya kwashe ka. In gumi ya tsaya alhali jiki zafi rau, wannan kuma maganar asibiti ce. A 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka cikin makonni kaɗan, duk wajen wannan matsar. Wasu har ƙwayar sa fitsari suke haɗiya, wadda an haramta ta a wasanni, ƙoda kuma ita ke biyan bashin. Ba ma na son in taɓo masu tramol da masu zama a shagon caca suna zuga ku, su da ko tsallen igiya ba su iya ba.

Kuma wayon ba kullum yake ci ba. Hukumar damben duniya ta IBF takan sake auna masu neman kambunta da safen wasa, ba a yarda a haura iyaka da fiye da fam 10 ba. A Olamfik ta Paris ta 2024, 'yar kokawar Indiya Vinesh Phogat ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50, washegari aka sake awo ta ɗara da giram 100, aka kore ta. Giram 100, nauyin ƙosai 'yan ƙwaya! Ku kuma masu tasowa da ake auna ku da safen wasa, yaushe za ku mayar da ruwan?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali tun da sauran makonni yake saukowa a hankali, in jiki ya ƙi kuma ya hau aji na gaba. Ɗan damben Ghana Azumah Nelson ya ci kambun duniya a fam 126 a 1984, daga baya ya hau 130 ya sake ci a 1988. Wa ya ce masa rago? Da can a damben gargajiya manya ke duban ƙirar yara su haɗa su, in ba sa'anka ba ne a ce koma gefe. Mai horarwa uba ne, yana leƙa kwanon abincinka, yana zuwa gaida mahaifiyarka. Yanzu fa? Yaro ya ga bidiyo a waya, ya nemo leda.

Na saya wa yaron ruwan leda biyu. Ya kurkure baki da ɗaya ya tofar, ya miƙo mini ɗayan, ya ci gaba da gudunsa ya nufi Kanda.