Ƙannena, kafin ku turo hoton cike gurbi ku ce a ba ku amsa

Daren jiya wani ƙanina da ke shirin jarrabawar WAEC ya turo mini hoton takardar gwajin Turanci ta makarantarsu. Ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yaya, don Allah amsa kawai, A ko B." Ban ba shi ba, ya kuma ji haushi. Ni ma raina ya sosu, domin ba shi kaɗai ke yin haka ba. Harafin da zan ba shi na wannan takarda ne kawai, ranar jarrabawa kuwa wani labarin za a kawo, wayarsa tana waje. Shi ya sa na ga gara mu zauna da ku mu warware hoton tare, ku ga yadda ake gano kalmar da ta dace.

Ga cikakken abin da ke cikin takardar, labarin wani da aka kai kotu:

When the accused was brought before the magistrate, he __1__ not guilty to the __2__ of theft. His lawyer applied for __3__, but the prosecutor objected, __4__ that the man might run away. The case was __5__ till the following Monday.

Kuskuren farko da ƙanin nawa ya yi shi ne, yana isa gurbi na ɗaya sai ya tsallaka wajen zaɓi. Kada ku yi haka. Ku karanta labarin tun daga farko har ƙarshe, kuna tsallake gurabun kamar babu su. Wannan karatun ba ya cin minti ɗaya, amma shi zai gaya muku inda kuke: ga alƙali, ga lauya, ga mai gabatar da ƙara, kuma abin ya riga ya faru. Masu tsara irin wannan tambaya a WAEC da NECO da JAMB sukan ɗauki fage guda, kamar kotu ko asibiti ko noma ko banki, su gwada ko ɗalibi ya san kalmomin da mutanen wannan fage suke amfani da su. Wanda bai san a kotu yake ba, zai zaɓi kalmar kasuwa.

Bayan haka kowane gurbi tambaya biyu ake yi masa, kuma a jere. Ta farko ta nahawu ce: wace irin kalma ce za ta iya zama a nan? Ta biyu ta ma'ana ce: cikin waɗanda suka rage, wacce labarin yake nema?

Mu fara da gurbi na 4, domin nahawu kaɗai ya isa ya raba gardama a kansa. Zaɓin su ne argue, argued, arguing, argues. Duka huɗun ma'anarsu ɗaya, don haka wanda ya tsaya fassara su da Hausa ɓata lokacinsa yake yi. Ƙanina ya zaɓi argued, hujjarsa ita ce labarin na abin da ya wuce ne. Tunanin ba laifi, sai dai bai dubi hagunsa ba. Jimlar ta riga ta sami aikatau ɗinta, wato objected, sannan aka sa waƙafi, kuma babu mahaɗi and bayan waƙafin. Da an rubuta objected and, to da argued ce daidai. Tunda babu, abin da ke biyo baya bayani ne na yadda ya yi sukar, kuma siffar da ke ɗaukar wannan aiki ita ce arguing. Ɗan waƙafin nan da ido ke rainawa shi ne ya yanke hukunci.

Gurbi na 2 yana buƙatar tambayoyin biyu. An ba da charge, blame, accuse, fault. Gurbin yana tsakanin the da of, wurin da suna ne kawai ke zama, saboda haka accuse ta fita tun kafin a yi maganar ma'ana, domin aikatau ce. Cikin ukun da suka rage, abin da ake karanta wa mutum a gaban alƙali tuhuma ce, kuma ita ce charge. Blame zargi ne na baki, irin wanda ake yi a gida.

Inda na fi jin tsoro a kanku shi ne irin gurbi na 1, domin a nan Hausarmu ce ke jan mu cikin rami. Zaɓin: said, pleaded, begged, swore. Duka aikatau ne, duka na lokacin da ya shuɗe, nahawu bai kori ko ɗaya ba. Ɗan Hausa zai ce a ransa, ai mutumin cewa ya yi bai aikata ba, sai ya ɗauki said. Wani ya tuna yadda ake rantsuwa a kotu, ya ɗauki swore. Wanda ya taɓa duba ƙamus ya ga pleaded tana nufin roƙo, sai ya guje ta, yana ganin mai musun laifi ba roƙo yake yi ba. Amma a Turancin kotu, kalmar da ke tafiya da guilty da not guilty ita ce plead, kamar yadda mu muke cewa "yanke hukunci" ba ma cewa "sare hukunci", alhali yanka da sara 'yan gida ɗaya ne. Irin wannan ba a gano shi da lissafi. Sai an saba ganin kalmomin tare, shi ya sa nake cewa idan kuna rubuta sabuwar kalma a littafinku, ku rubuta ta da abokiyar tafiyarta: plead guilty, grant bail, pass sentence. Labaran kotu na jaridun Turanci cike suke da su.

Na 3 ba ya buƙatar dogon zance. Tsakanin bail, bill, fine da pardon, kun riga kun san beli da Hausa. Tara sai bayan an yanke hukunci, haka ma afuwa, shi kuwa wannan mutum ko shari'ar ba a fara ba. Hujjar ma tana gaba da gurbin: tsoron kada ya gudu, wanda sai a maganar beli ake kawo shi.

Yanzu sai hoton kansa, wanda shi ne ya sa na ƙi amsa masa nan take. Ya ɗauke shi a karkace, gefen dama ya yanke, layin ƙarshe ya tsaya a kan gurbi na 5. Zaɓin su ne adjourned, dismissed, cancelled, closed. A yadda hoton ya zo, dismissed ma ta zauna daram: an kori ƙarar. Sai da na sa ya sake ɗauka sannan till the following Monday ta bayyana. Ƙarar da aka kora ba a sa mata ranar dawowa, ɗage ta aka yi, amsar kuwa adjourned. Da na yi gaggawa, da na ba shi amsar da ba daidai ba, shi kuma ya haddace ta da cikakken yaƙini saboda daga yayansa ta fito. Akwai wata illar kuma: sau da yawa ana jera zaɓin irin wannan tambaya a ƙasan labarin, layi-layi, A zuwa D. Hoto in ya karkace, ido yakan zame daga layin lamba 3 ya faɗa na 4 ba tare da mutum ya lura ba.

To idan za ku turo wa wani malami ko yayanku irin wannan, ku shimfiɗa takardar a wuri mai haske, ku ɗauki labarin gaba ɗaya da zaɓinsa, sannan ku rubuta amsar da kuka zaɓa da dalilinku. Daga dalilin ne ake gane ciwon: da ƙanina bai gaya mini abin da ya sa ya ɗauki argued ba, da ban san waƙafi ne ba ya gani ba. Hoton da aka ɗauko daga cikin ɗakin jarrabawa kuwa, kada ma a turo mini shi.

Na ba shi wani labarin, na asibiti, mai gurbi goma. Na ce idan ya cike, ya maida kalmomin cikin gurabun ya karanta da ƙarfi daga farko, duk inda harshensa ya yi tuntuɓe ya ja layi, mu duba shi tare bayan sallar isha'i.