Kalmar i7 kaɗai ba ta isa ka fidda kuɗɗinka ba

Jiya da dare ƙanena ya turo min hoton wata talla da ya gani a sitatus, kwamfutar gem ce haɗaɗɗa, akwati mai gilashi, fankoki na ta walƙiya ja da shuɗi. Ya ce Yaya don Allah duba min, gobe nike son in tura kuɗɗi. Yaron nan wata nawa yana tara abin da yake samu a shagon cajin waya nan Mabera, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Ga abin da anka rubuta: Core i7, 16GB RAM, 4GB Graphics, 1TB. Ba ƙari.

Na ce mai ya tambayi mai kayan wane i7 ne, cikakkar lamba muke so. Sai da anka yi ta kwana-kwana kafin ya turo, i7-3770. To wanga furosesa 2012 ya fito jama'a. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ka gaya maka zubi na nawa ne, in lambobin biyar ne kuma biyun farko za ka duba, nan 3 ce, wato zubi na uku. Sunan i7 matsayi ne kawai tsakanin 'yan zubinsu, kamar ka ce babban ɗa a gida, bai gaya maka shekarunai ba. Yau i3-12100 na 2022, wanda mutane ka rainawa don sun ga i3, ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa, Windows 10 ɗin da zai zauna kanta kuwa an daina tallafa mata tun Oktoba 2025. Ram ɗin ma da anka cika baki da giga 16, tunda madabod, wato allon da furosesa da ram ka zama kai, na wancan zamani ne dole DDR3 ce, ranar da ka tashi canza furosesa zuwa na zamani sai ka canza allo da ram gaba ɗaya.

Amma inda raina ya fi ɓaci shi ne katin girafik, don a gem shi ne mai ɗaukar kaya mafi nauyi kuma shi ne anka ɓoye sunanai. Giga 4 ba ƙarfin kati ba ne, girman ma'ajiyar shi ne kawai. Da munka matsa sai ga shi GT 730 ne mai DDR3, katin 2014 da ko lokacin da ya fito na aikin ofis ne da kallon bidiyo. GTX 1650 ma giga 4 gare shi, a takarda sai ka ce ɗaya suke, alhali shi yana jan bayanai giga 128 a sakan guda, wancan ko 30 bai kai ba. Tanki biyu ne girmansu ɗaya, guda da babban bututu guda da tiyon lemu, wanne zai cika maka jarka? Gem na zamani in ma ya buɗe a kan GT 730 sai ka rage komi zuwa ƙasa kuma ya riƙa tsinkewa. Duk mai katin kirki da sunan katin yake fara talla, wallahi ban taɓa ganin mai RTX 3060 ya rubuta giga kawai ya yi shiru ba.

Shi 1TB ɗin tsohon hadis ne mai juyawa, ba SSD ba, wannan da sauƙi ana iya ƙarawa baya.

Fawa saflai kuwa ko ambaton shi ba a yi ba, kuma mu nan Sakkwato da zafi ka wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga wuta a kawo a ɗauke, ga janareto, ba abin wasa ba ne. Maras suna da anka manna mai takardar wat 500 sau da yawa bai iya ba da hakan, kana tsakar gem kwamfuta ta mutu, wata rana in ya ƙone ya tafi da allo. Ga gaban akwatin gilashi ne rufe ruf, fankokin nan masu kyau ba su da inda za su jawo iska.

Na ce ma ƙanena kar ya tura ko sisi sai ya je ya gani da idonai. A kunna ta gabanai, ya danna Ctrl+Shift+Esc, ya shiga Performance, nan zai ga sunan CPU da GPU cikakke, da Disk ko HDD ne ko SSD. In da hali ya buɗe manhajar GPU-Z ya dubi Memory Type na katin girafik, sannan a kwance murfin gefe ya karanta takardar da ke jikin fawa saflai. Da safe ya kira mai kayan ya gaya mai haka, sai ya ce shi ba ya buɗe kaya sai an biya. Kuɗɗin na nan hannun yaron, Asabar za mu zauna mu lissafa ko za su kai i3-12100 da GTX 1650 na hannu a akwati maras fitila.