Layukan ECG ba bugun zuciya ba ne

Wanda ya kalli zanen ECG, wato gwajin auna lantarkin zuciya, yakan tambaya: "Wannan dogon tsinin shi ne bugun zuciyata?"

A'a, lantarkin zuciya na'urar take zanawa, wato umarnin da ke zuwa kafin tsokar ta matsa. Ƙaramin tudun farko, P, shi ne lantarkin yana ratsa ɗakunan zuciya biyu na sama. Daga nan sai ɗan shimfiɗaɗɗen layi, inda saƙon ke dakatawa don ɗakunan ƙasa su gama cika da jini. Dogon tsinin, QRS, lantarkin ne ya bazu a ɗakunan ƙasa. Ya fi P tsawo saboda tsokarsu ta fi kauri, kuma yawanci lokacinsa bai kai sakan 0.12 ba. Tudun T kuwa, ɗakunan ƙasan ne ke komawa shirin saƙo na gaba.

Shi ya sa likita ke taɓa jijiya don jin bugun: akan ga zane yana tafiya alhali zuciya ba ta tura jini.