Nahawu bai kama ta da laifi ba, amma mai harshen ba zai faɗe ta ba

Jama'a, akwai wata matsala da ke damun masu rubutun Turanci a cikinmu, kuma makaranta ba ta cika shirya mu a kanta ba. Mutum zai rubuta jimla, ya duba ta sama da ƙasa: aikatau ya dace da suna, lokaci daidai, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Amma wanda ya tashi cikin harshen yana karantawa zai ɗan yamutsa fuska. Ka tambaye shi ina kuskuren yake, sai ya ce babu kuskure, kawai dai ba haka ake faɗa ba. Ra'ayina shi ne, wannan "ba haka ake faɗa ba" abu ne da ake iya bincikawa a gano, kuma littafin nahawu ba shi ne wurin binciken ba.

Nahawu yana duba gurbi ne kawai. Yana tambaya ko sifa ce ta zauna inda sifa ke zama, ko suna ne ya zo inda ake jiran suna. Bai damu da wace sifa ce ba. Masu harshe kuwa sun riga sun ɗaura wa kalmomi aure tun da daɗewa, kowace da abokiyar zamanta. A Hausa ma haka abin yake. Idan baƙo ya ce "jiya ruwa mai nauyi ya sauka", babu malamin nahawun da zai ja masa jan biro, amma duk wanda ke wurin ya san an tafka ruwa ake cewa, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. A 1983 wasu masana harshe biyu, Andrew Pawley da Frances Syder, sun nuna cewa daga cikin ɗimbin jimlolin da nahawun Turanci ya halatta, 'yan kaɗan ne masu harshen suke furtawa. Misalinsu shi ne neman aure: kowa "I want to marry you" yake cewa, alhali "My becoming your spouse is what I want" ma nahawu bai hana ta ba.

Bari mu ɗauki jimla guda mu feɗe ta. A ce ma'aikaci bai samu zuwa taro ba saboda ruwan sama, sai ya rubuta wa shugabansa:

"Because of the strong rain that fell yesterday, my coming to the meeting was not possible, and an apology is what I wish to give."

Babu dokar nahawu ko ɗaya da aka karya a nan. Amma jimlar tana ɗingishi a wurare uku, kuma kowane wuri da irin gwajinsa.

Abu na farko da za a yi shi ne a daina kallon jimlar gaba ɗayanta. A ciro kalmomin da ke riƙe da juna, biyu-biyu: sifa da sunan da take siffantawa, aikatau da abin da aikin ya faɗa wa. A jimlar nan za a samu "strong" da "rain", sannan "give" da "apology". Sai a ɗauki sunan a nemi abokan tafiyarsa. Ku lura, sunan ake nema, ba sifar ba. Nan ne mutane da yawa suke ɓata lokacinsu. Idan ka buɗe ƙamus a kan "strong", zai ce maka mai ƙarfi, kai kuma ka ce ai daidai, ruwa mai ƙarfi nake nufi, ka rufe ƙamus ka tafi da kuskurenka. Idan kuwa "rain" ka buɗe a ƙamusun masu koyo irin na Longman ko Oxford, misalan da ke ƙasa za su nuna maka "heavy rain". Abin mamakin shi ne iska ita "strong wind" take ɗauka, shayi ma "strong tea". Babu wata hujjar hankali da ta sa ruwa ya zama mai nauyi iska ta zama mai ƙarfi. Sabo ne, shi ya sa tunani ba ya fitar da mutum, sai dubawa.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya shiga Google Books Ngram Viewer, shafin da ke ƙirga yawan fitowar kalmomi a cikin littattafai, wanda aka buɗe tun 2010 kuma kyauta ne. A rubuta gaɓoɓin biyu da waƙafi a tsakaninsu:

```
heavy rain,strong rain
```

Zai zana layi biyu, ɗaya can sama, ɗaya kwance a ƙasa kamar babu shi. Idan kuma ba a san wace sifa za a gwada ba, sai a bar masa gurbin ya cike:

```
*_ADJ rain
```

Wannan zai kawo sifofi goma da suka fi zuwa kafin kalmar. Tazarar da ke tsakanin layukan ita ce abin dubawa. In ɗaya ya ninka ɗaya sau da yawa, magana ta ƙare. In kuwa suna kusa da juna, to duka biyun ana faɗa, wataƙila ma'anarsu ce ta ɗan bambanta, sai a danna mahaɗan da ke ƙasan zanen a karanta jimlolin da kansu.

Kayan aikin nan yana da iyakarsa, kuma gara a san ta tun wuri. Ba ya karɓar gaɓar da ta wuce kalma biyar, don haka ba a zuba masa jimla sukutum. Yana bambanta babban baƙi da ƙarami sai an ce masa kada ya bambanta. Littattafai kawai ya sani, saboda haka maganar baka da ta saƙon waya ba su da yawa a cikinsa. Sannan ƙirga yake yi, ba fahimta ba: in ka nemi "powerful tea" zai iya ƙirgo maka da "powerful tea company", inda kamfanin ne mai ƙarfi, ba shayin ba. Shi kuwa binciken Google na yau da kullum, wanda ake sa gaɓa cikin alamar zance a ga ko ta fito, ni ban yarda da shi ba. Intanet cike take da rubutun masu koyo irinmu, duk kuskuren da ka yi wani ya riga ka yinsa ya kuma wallafa.

Da wannan gwajin ne ake kama yawancin abin da Hausa ke tura mana cikin Turanci ba mu sani ba. Muna shan magani, sai hannu ya rubuta "drink medicine", su kuwa "take medicine" suke cewa, musamman in ƙwaya ce. Muna yin kuskure, sai "do a mistake" ta fito maimakon "make a mistake". Ita ma "give an apology" ta jimlarmu ba haramun ba ce, ana samunta, amma "offer an apology" ta fi zama a rubutun ofis, kuma mafi yawan lokaci ma aikatau ɗaya ake amfani da shi, "apologise", ko kawai "sorry".

Wannan ya kawo mu ga ɗingishi na biyu, wanda ya fi na farko wuyar gani domin babu kalma guda da za a nuna da yatsa. Dubi "my coming to the meeting was not possible". Wa ya yi aikin? Mutum ne bai zo ba. Amma an ɗauke mutumin daga kan jimlar, an mayar da aikin suna, an ɗora shi a gaba, aka bar "was" ita kaɗai tana ɗaukar kayan. A Hausa wannan ginin lafiyayye ne, "zuwana taron bai yiwu ba" magana ce mai kyau, shi ya sa kunnenmu ba ya jin komai. Turancin yau da kullum ya fi son mutum a gaba, aikinsa na biye: "I couldn't come to the meeting." Gwajin mai sauƙi ne. A ja layi ƙarƙashin babban aikatau na jimla, a ƙirga kalmomin da suka riga shi, sannan a tambayi kai ko akwai ɗan Adam a cikinsu. In kalmomi sun yi yawa kafin aikatau, kuma aikatau ɗin "is" ne ko "was", to a sake gini. Turanci yana tura abu mai tsawo zuwa ƙarshe. Shi ya sa "It surprised everyone that he resigned" ta fi saurin zuwa baki a kan "That he resigned surprised everyone", duk da cewa ta biyun ma ana ganinta a rubutu mai nauyi.

Na ukun shi ne "an apology is what I wish to give". Wannan ginin Turanci ne na gaske, amma yana da aikinsa: ana amfani da shi ne idan ana ware abu ɗaya daga wani, kamar a ce haƙuri zan bayar, ba kuɗi ba. Tunda babu wanda ya kawo zancen wani abu dabam, jaddadawar ta faɗi a banza, mai karatu ya tsaya yana neman abin da ake musantawa. Ga kuma "wish", wadda ta fi ƙarfin ɗan gajeren saƙo irin wannan. In aka gyara duka ukun, abin da zai rage shi ne:

"I'm sorry I couldn't come to yesterday's meeting. The rain was very heavy."

Jimlar ta ragu da kusan rabi, kuma babu abin da ya ɓace daga ma'anar. Yawanci haka ake gani: jimlar da ba ta zauna ba ta fi wadda ta zauna tsawo.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sai an daɗe a kansu ba. Kalmomi masu tafiya biyu-biyu suna da jerinsu, "black and white", "knife and fork", kamar yadda mu ma saye da sayarwa muke cewa ba mu juya shi. Sifofi ma girma yana riga launi, "a big red car". Waɗannan Ngram yana warware su nan take.

Sai dai dole a yi tambaya guda kafin a yanke wa kowace jimla hukunci: su wa za su karanta? Masu iya Turanci ba iri ɗaya ba ne. "I'm coming" a bakin ɗan Najeriya mai shirin fita ya dawo daidai take da "ina zuwa", kowa a Kano ko Legas ya gane, amma mutumin Landan zai ga kana tafiya alhali kana cewa kana tahowa. Wannan ba gurɓataccen Turanci ba ne, na wani wuri ne. Ƙamusun Oxford babba ma a Janairun 2020 ya shigar da kalmomi da gaɓoɓi 29 na Turancin Najeriya, har da "Kannywood" da "next tomorrow". Mai son tantance wannan ya duba GloWbE, taskar rubutun intanet da Mark Davies ya haɗa daga ƙasashe 20, ciki har da Najeriya da Gana. Tana nuna yawan fitowar gaɓa ƙasa-ƙasa. In gaɓa ta yi yawa a layin Najeriya ta yi ƙaranci a na Birtaniya da Amurka, to a saƙon abokin aiki na gida ba ta da aibu, amma a takardar neman gurbin karatu a waje a sauya ta.

Idan kuma akwai mai harshen a kusa da za a tambaya, kada a ce masa "wannan daidai ne?" Zai ce daidai ne, domin ta fuskar nahawu gaskiya ya faɗa, ga kuma kara. A ɓoye jimlar, a ba shi labarin: ruwa ya hana ni zuwa taro jiya, me zan rubuta wa shugabana? Sai a rubuta abin da ya fara fitowa daga bakinsa, a ajiye kusa da taka jimlar, a ja layi a duk inda suka rabu.