Samarin Tawa, in kun ciro mutum daga ƙarƙashin gini, ku kula da fitsarinsa

'Yan uwana samari, in damina ta yi ƙarfi ɗakin ƙasa ya rufta, ko rijiya ta zube wa mai haƙa, ku ne kuke rigan kowa zuwa da shebur. Allah ya saka. Amma akwai sakacin da ake yi bayan an ciro mutum, kuma shi ke cin rai a kwana na uku ko na huɗu.

A ce saurayi ne bango ya danne wa cinyoyi awa huɗu. An ciro shi yana magana, babu jini, sai kumburi. Aka yi hamdala, aka kai shi wurin maɗori, aka sayo masa diklofenak wurin mai tallar magani. Da dare ya yi fitsari kaɗan, baƙi-baƙi kamar shayin farko. Aka ce zafin rana ne. Washegari fitsarin ya ƙara raguwa. Rana ta uku babu ko ɗigo, ga amai, ga shaƙuwa, fuska ta kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Ƙoda ta tsaya.

Tsokar da nauyi ya danne mutuwa take yi. Da an ɗage nauyin, jini ya koma cikinta, sai ya kwaso abin da ta zubar. Akwai furotin mai suna mayogulobin, shi ne ya rine fitsarin, yana kuma toshe siraran bututun ƙoda yana lalata su. Akwai fotasiyam, wanda in ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya nan take. Sannan tsokar da ta ji rauni tana janye ruwa daga jini, lita da dama a cinya biyu, shi ne kumburin nan da kuke gani. Wato dattin ya iso ƙoda daidai lokacin da ruwan wanke shi ya yi ƙaranci. Diklofenak da ibufurofen kuwa ƙara rage jinin da ke zuwa ƙoda suke yi.

Shi ya sa ƙarin ruwa da wuri ya fi komai. Ka'idar da likitoci ke bi ita ce a sa serom na ruwan gishiri tun mutum yana ƙarƙashin ginin, muddin ana iya kaiwa ga hannunsa: wajen lita 1 a awa ga babba, na awa 2, sannan a rage zuwa rabi, kuma ba a farawa da serom mai fotasiyam a ciki. Saboda haka yayin da wasu ke tono, ɗaya ya hau babur ya ɗauko ma'aikacin lafiya. In babu hali, kuma mutumin yana cikin hayyacinsa, ba ya amai, cikinsa bai bugu ba, a riƙa ba shi ruwa a hanyar asibiti. Ku faɗa wa likita awa nawa ya yi a danne. Ku tara fitsarinsa a gora a ga launi da yawa. Babba in ya kasa yin rabin lita a kwana guda, da matsala.

Ruwan nan fa yana da lokacinsa. A awannin farko yana hana ƙoda toshewa. In ta riga ta tsaya, ruwan da aka ɗura ba shi da mafita, huhu yake tafiya. Kada ku matsa wa ma'aikaci ya yi ta rataya leda bayan leda a rana ta uku. A nan sai an auna abin da ya shiga da abin da ya fita, wataƙila ma sai wankin ƙoda, a kama hanyar Yamai, fiye da kilomita 500, da mara lafiya da ɗawainiyar kuɗi.

Saran maciji ma hanyarsa ɗaya da wannan. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da shi ta dasashi da bakin sara, ƙarfin jini ya faɗi, ƙoda ta rasa rabonta. Dafin kasa kuwa yana kumbura ƙafa ya ruɓar da nama. Mu kuma sai mu ɗaure ƙafar tamau da roba tun daga gona har dare, mu kashe tsoka da hannunmu. Kada a ɗaure, kada a tsaga. A hana ƙafar motsi a kai shi asibiti. Can za a zuba jininsa a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi yake buƙata, serom kaɗai ba ya maye gurbinta, kuma ko bayan an yi ta a ci gaba da auna fitsarinsa kwana biyu zuwa uku.